Kuɗin hayar shekara ya shigo hannu: nawa ne na wannan watan?

A Kano ba kasafai ake biyan hayar shago ko ta gida wata-wata ba. Daga Zoo Road har Hotoro, daga Kabuga har Sabon Gari, abin da aka saba shi ne a biya shekara guda cif kafin a karɓi mukulli, wani lokacin ma shekara biyu idan ginin sabo ne. Saboda haka mai gida yakan ga kuɗi mai kauri ya faɗo asusunsa rana ɗaya, sannan wata goma sha ɗaya su wuce bai ƙara ganin ko sisi daga wannan ƙofar ba. A nan lissafi yake rikicewa. Kuɗin yana hannunsa, babu mai musu. Amma nawa ne a ciki ya zama nasa halak malak a ƙarshen wannan watan, nawa ne kuma har yanzu yake riƙe da shi a madadin kwanakin da ɗan haya bai zauna ba tukuna?

Abin da ɗan haya ya saya ba mukulli ba ne, amfanin wurin ya saya na tsawon wani lokaci. Shi kuwa amfanin wuri ba a miƙa shi rana ɗaya kamar buhun shinkafa. Kullum gari ya waye, shago yana tsaye, ɗan haya ya buɗe ƙofarsa ba mai hana shi, to mai gida ya sauke nauyin kwana ɗaya, kuma kuɗin wannan kwanan ya zama nasa. Ragowar kwanakin da ba su zo ba alkawari ne da ke wuyansa. Shi ya sa akantoci suke rubuta kuɗin hayar da aka karɓa tun kafin lokaci a jerin bashin da ake bin mai gida, ba a jerin kuɗin shigarsa ba. Bashi ne wanda ba da kuɗi ake biyansa ba, da kwanaki ake biya. Sai fa idan kwanakin sun gagara, nan ne yake komawa bashin kuɗi, kuma a lokacin ne mutane da yawa suke gane cewa dama bashi ne.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Wani Alhaji yana da bene a Zoo Road, shaguna a ƙasa, gidajen zama a sama. Wani mai sayar da kayan wuta ya kama shago ɗaya a kan Naira 1,800,000 a shekara. Ya tura kuɗin ranar 20 ga Fabrairu, 2025, amma takardar yarjejeniya ta ce haya za ta fara aiki ranar 1 ga Maris, 2025, ta ƙare ranar 28 ga Fabrairu, 2026, domin tsohon ɗan hayar sai ƙarshen wata zai kwashe kayansa.

Ranar da kuɗin ya shigo, mai riƙe wa Alhaji littafi zai yi rubutu a wuri biyu. A asusun banki zai rubuta 1,800,000 a ɓangaren hagu, wato kuɗi ya ƙaru. Sannan ya buɗe wani asusu na daban, ya kira shi “hayar da aka karɓa kafin lokaci”, ya rubuta 1,800,000 ɗin a ɓangaren dama, wato bashi ya hau. Masu aiki da manhajar lissafi za su ga hagu an rubuta Dr, dama kuma Cr, asusun nan kuma galibi da sunan Unearned Rent ko Rent Received in Advance yake zuwa. Asusun kuɗin shiga na haya ba a taɓa shi ba ko kaɗan. Idan aka rufe littafin watan Fabrairu aka tambaya nawa wannan shagon ya kawo daga sabon ɗan haya, amsar ita ce babu. Miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas na kwance a banki, amma mutumin ko kwana ɗaya bai yi a shagon ba. Ranar da aka biya da ranar da haya ta fara abu biyu ne, kuma ta biyun ce lissafi yake bi.

Sai ƙarshen Maris. An raba 1,800,000 gida goma sha biyu, kowane wata ya tashi 150,000. Ranar 31 ga Maris sai a yi rubutu na biyu, wanda shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya: a asusun hayar da aka karɓa kafin lokaci a rubuta 150,000 a hagu, bashi ya ragu; a asusun kuɗin shiga na haya a rubuta 150,000 a dama, samu ya tabbata. A lura, wannan rubutun bai shafi banki ba. Babu kuɗin da ya shigo ranar, babu wanda ya fita, babu saƙon banki da zai tuna wa kowa. Wannan ne dalilin da ya sa aka fi mantawa da shi. Mai riƙe littafin da yake jiran ƙarar waya kafin ya yi rubutu ba zai taɓa yin wannan ba, sai dai in ya sa wa kansa ƙa'ida cewa duk ƙarshen wata zai zauna ya bi 'yan haya ɗaya bayan ɗaya.

Bayan wannan rubutun, rabon Maris ya zama 150,000, ragowar bashin kuma 1,650,000, kuɗin wata goma sha ɗaya ke nan. Ƙarshen Afrilu a sake cire 150,000, saura 1,500,000. Haka za a yi ta tafiya. Idan Alhaji yana rufe littafinsa ranar 31 ga Disamba kamar yadda yawancin kamfanoni suke yi, zai tarar an ci wata goma, daga Maris zuwa Disamba, wato 1,500,000 ne kuɗin shigar shekarar 2025 daga wannan shagon. Ragowar 300,000 na Janairu da Fabrairu ne, su tsallaka 2026 a matsayin bashi. Ranar 28 ga Fabrairu, 2026 asusun ya koma sifili. Idan bai koma sifili ba, to akwai watan da aka tsallake ko wanda aka maimaita.

Wani zai ce, to mene ne amfanin wannan wahalar, tunda dai a ƙarshe kuɗin duk na Alhaji ne? Dubi abin da zai faru idan aka zuba 1,800,000 ɗin gaba ɗaya a kuɗin shiga na Fabrairu. Watan Fabrairu zai nuna riba mai ban mamaki. Daga Maris kuma sai littafi ya dinga nuna asara wata bayan wata, domin albashin maigadi yana fita, ana biyan mai kwashe shara, ana gyaran famfon rijiyar burtsatse, damina ta zo rufin kwano ya fara yoyo an kira kafinta, amma babu kuɗin shiga ko ɗaya da za a ajiye a gefensu. Mai kallon wannan littafin ba zai san ko ginin yana ciyar da kansa ba. Idan kuwa an rarraba, kowane wata 150,000 ne ake gwadawa da abin da aka kashe a watan, kuma nan take za a ga gaskiya. Ga kuma shekara: an ɗora wa 2025 Naira 300,000 da ba nata ba, an tauye 2026 da daidai wannan adadin. Inda abin ya fi zafi shi ne ginin da ba na mutum ɗaya ba, kamar gidan gado ko na haɗin gwiwa, inda ake raba riba. Idan aka raba kuɗin da ba a ci kwanakinsa ba, kowa ya tafi da nasa ya kashe, ranar da za a mayar wa ɗan haya wani abu babu wanda zai so ya dawo da abin da ya riga ya shiga tukunya.

Idan an riga an yi wannan kuskuren, gyaransa ba wuya. A ce an zuba duka a kuɗin shiga, ba a farga ba sai ƙarshen Maris. Ba sai an soke komai ba. A lissafa abin da ba a ci ba, wato 1,650,000, a rubuta shi a hagu a asusun kuɗin shiga, a rubuta shi a dama a asusun hayar da aka karɓa kafin lokaci. Abin da zai rage a kuɗin shiga 150,000 ne, daidai da wanda ya bi hanya tun farko. Wasu akantocin ma da gangan suke yin haka, su zuba komai a kuɗin shiga, sai ranar rufe littafin shekara su janye abin da ba a ci ba. Lissafin shekara zai fita daidai, amma na wata-wata ba zai nuna komai ba, kuma mai gidan da yake son sanin halin da yake ciki kowane wata bai kamata ya yarda da wannan hanyar ba.

Idan haya ta fara a tsakiyar wata

Shagon mai kayan wuta ya zo da sauƙi domin ranar ɗaya ga wata ya fara. Yawancin haya ba haka take ba. Ranar da mutum ya haɗa kuɗinsa, ko ranar da fenti ya bushe, ranar yake tarewa. A saman benen nan akwai ɗaki biyu da falo da wani malamin makaranta ya kama a kan 730,000 a shekara, daga 11 ga Maris, 2025 zuwa 10 ga Maris, 2026. Nawa ne rabon Maris?

Hanya mafi tsabta ita ce ta kwana. Shekarar hayar kwana 365 ce, saboda haka kowane kwana 2,000 ne. Daga 11 zuwa 31 ga Maris kwana 21 ne, ba 20 ba, domin ranar 11 ɗin kanta tana ciki. Wannan kwana ɗayan shi ne aka fi zubarwa idan aka yi saurin cire 11 daga 31. Kwana 21 sau 2,000 ya ba da 42,000, shi ne abin da Alhaji ya ci a Maris, saura 688,000 a wuyansa. Afrilu mai kwana 30 zai ba da 60,000, Mayu mai 31 ya ba da 62,000. Zuwa 31 ga Disamba an yi kwana 296, wato 592,000, saura kwana 69 na Janairu, Fabrairu da goman farko na Maris, kuɗinsu 138,000. Haɗa biyun ka ga 730,000 cif.

Akwai masu bin hanyar wata: su raba 730,000 gida goma sha biyu, ya ba da kusan 60,833, sannan su ɗauki kashi 21 cikin 31 na wannan a matsayin rabon Maris, ya tashi kusan 41,210. Bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu bai kai Naira dubu ɗaya ba, kuma dukansu karɓaɓɓu ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a fara da ɗaya a ƙare da ɗaya. Wanda ya yi haka zai zo watan ƙarshe ya tarar da 'yan ɗaruruwa sun maƙale a asusun, ko kuma sun gaza, ya kwana yana neman inda suka shiga. A ganina mai 'yan haya da yawa da ranakun shiga daban-daban ya riƙe hanyar kwana, domin ita ce ba ta buƙatar wani tunani idan mutum ya tashi a tsakiyar wata.

Mai amfani da Excel zai iya barin kwamfuta ta yi masa ƙirgen. A sa kuɗin haya a B2, ranar farawa a C2, ranar ƙarewa a D2, sannan ranar farko ta watan da ake lissafi a F1, ranar ƙarshensa a G1:

```
=MAX(0,MIN(D2,$G$1)-MAX(C2,$F$1)+1)*B2/(D2-C2+1)
```

Wannan layin yana ƙirga kwanakin hayar da suka faɗo cikin watan, ya ninka su da kuɗin kwana ɗaya. Idan hayar ba ta fara ba, ko ta riga ta ƙare, sifili zai bayar. A ja shi ƙasa ga kowane ɗan haya, kowane wata a canza F1 da G1 kawai. Abu ɗaya ne yake yawan ɓata shi: kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana karanta 11/3/2025 a matsayin 3 ga Nuwamba, ba 11 ga Maris ba. Idan ka ga rabon Maris ya fito sifili ga mutumin da ka san yana cikin gidan, fara duba nan.

Wata ƙaramar magana da ba ƙarama ba ce: wace shekara ake nufi? Akwai masu gidan da suke ƙirga haya da watan Musulunci, su ce daga azumi zuwa azumi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Bature da kusan kwana goma sha ɗaya. A hayar malamin nan wannan ya kai kusan 22,000. Ba laifi a bi kowacce, amma a rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa ɓaro-ɓaro a takarda, kada a tsaya ga kalmar “shekara ɗaya”.

Ba duk abin da ya shigo tare da haya ne haya ba

Kuɗin da ya faɗo asusun mai gida sau da yawa bai yi daidai da kuɗin hayar da ke takarda ba, ko ya fi ko ya gaza, kuma wanda ya ɗauki abin da ya gani a banki ya raba gida goma sha biyu zai yi kuskure wata goma sha biyu a jere.

A ce mai kayan wuta ya tura 1,900,000, domin an nemi ya ajiye 100,000 saboda ɓarnar da ka iya faruwa. Wannan dubu ɗarin amana ce. Ba ta narkewa da wucewar kwanaki kamar haya, tana nan yadda take har ranar da zai tashi, a duba shago, a cire kuɗin abin da ya lalata, a ba shi saura. Asusunta daban, kuma ba ta shiga rabon kowane wata. La'adar dillali kuma ta danganta da wanda ya biya. Idan ɗan haya ne ya ba dillali kashi goma cikin ɗari daga aljihunsa a kan kuɗin haya, wannan bai shafi littafin Alhaji ba sam. Amma idan dillalin ne yake kula da ginin, ya karɓi 1,800,000 ya cire nasa 180,000 ya miƙa 1,620,000, to hayar tana nan 1,800,000, bashin da ke wuyan Alhaji ma haka, domin da wannan adadin aka ba ɗan haya rasit. Dubu ɗari da tamanin ɗin kashe kuɗi ne na Alhaji, a rubuta shi daban. Rabon wata yana nan 150,000, ba 135,000 ba.

Haka abin yake idan ɗan hayar banki ne ko babban kamfani ko hukumar gwamnati. Irin waɗannan sukan cire kashi goma cikin ɗari na haya a matsayin harajin da ake riƙewa tun daga tushe, su biya hukumar haraji da sunan mai gida. Alhaji zai ga 1,620,000 a banki, amma an biya shi 1,800,000 ne, wani ɓangare ta hannunsa, wani ta hannun hukuma. Sai a rubuta 180,000 ɗin a matsayin harajin da aka riga aka biya masa, a kuma bi kamfanin a karɓi takardar shaidar biyan, domin da ita zai rage abin da za a nema a wurinsa. Mai gidan da bai karɓi wannan takardar ba ya yi asarar kuɗin ke nan.

Sai gyara. An saba a Kano ɗan haya ya ce zai sa tayil da ƙofar ƙarfe, a cire masa daga haya. Idan an amince da 240,000, ya biya 1,560,000, hayar ba ta ragu ba; ya biya wani ɓangare da kuɗi, wani da aikin da zai zauna a ginin Alhaji bayan ya tashi. Rabon wata 150,000 ne har yanzu. Abin da yake canza rabon wata da gaske shi ne ƙarin lokaci. Idan Alhaji ya ce ya yafe masa wata ɗaya ya yi gyara, ya zama 1,800,000 ta sayi wata goma sha uku, to gida goma sha uku za a raba, kowane wata kusan 138,462. Ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa mai kula da haya, IFRS 16, haka ta tanada ga irin wannan hayar: mai gida ya shimfiɗa kuɗin daidai wa daida a kan tsawon lokacin yarjejeniyar.

Ranar da kwanaki suka gagara

Duk wannan rubuce-rubucen ana ganin amfaninsa ne ranar da haya ta katse. A ce kasuwa ta yi wa mai kayan wuta nauyi, ya zo ƙarshen Agusta ya ce zai tashi. An ci wata shida, 900,000. Littafi yana nuna saura 900,000. Wannan adadin shi ne abin da za a zauna a kansa, amma littafi ba shi yake yanke hukuncin ko za a mayar ba. Yarjejeniya ce take yankewa. Idan ta ce wanda ya tashi don kansa ba a mayar masa, kuma ya miƙa mukulli an sallami juna, to nauyin da ke kan Alhaji ya sauka, ragowar ta koma kuɗin shiga a lokacin. Idan ta ce za a mayar, sai bashin kwanaki ya koma bashin kuɗi, a fitar da shi daga banki, kuɗin shiga kuma bai ƙaru da komai ba. Sau da yawa takardar ba ta ce komai ba, sai a yi sulhu a kan cewa in an sami wani ya shiga za a mayar wa tsohon ɗan hayar nasa. To a nan a kula. Idan sabon ɗan haya ya shiga ranar 1 ga Oktoba, watan Satumba da shagon ya zauna a rufe yana kan tsohon, an ci 150,000, abin da za a mayar masa kuɗin wata biyar ne, 750,000. Daga Oktoba rabon wata daga kuɗin sabon ɗan haya zai dinga fita. Idan aka bar layin tsohon yana tafiya a Excel, shago ɗaya zai dinga haifar da haya biyu a littafi, alhali ɗaya kuɗin mutane ne.

Akwai kuma katsewar da ba laifin kowa. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, ko ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022, ya san shago yana iya daina amfani dare ɗaya. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a nan, idan abin da aka ba da haya ya halaka, hayar ta warware a kan abin da ya rage na lokaci, domin amfanin da aka saya babu shi. Mai gidan da ya ɗauki kuɗin shekara gaba ɗaya ya zuba a wani gini a Rijiyar Zaki zai wayi gari da asara biyu: shago ya ƙone, ga kuma kuɗin watannin da suka rage ana binsa, ba shi da su a hannu. Ba ana cewa haramun ne ya juya kuɗin ba. Ana cewa ya san adadin da za a iya nema a wurinsa kowace rana, ya kuma san inda zai samo shi.

Sayar da gini da rasuwa su ma wannan asusun suke komawa. Idan Alhaji ya sayar da benen a ƙarshen Agusta da 'yan haya a ciki, mai saye ne zai ɗauki nauyin zaman mai kayan wuta na wata shida masu zuwa, alhali kuɗin waɗannan watannin yana aljihun Alhaji. Dole a yi maganar 900,000 ɗin a wurin ciniki, ko a cire daga kuɗin gini, ko a rubuta cewa mai saye ya sani ya yafe. In ba haka ba, sabon mai gida zai zo neman haya, ɗan haya ya fito da rasit, rigima ta tashi tsakanin mutum biyu da babu wanda ya ci kuɗin wani a cikinsu. Idan kuwa rasuwa ce, haya ba ta warwarewa da mutuwar mai gida a mazhabar Malikiyya, ɗan haya zai ƙarasa kwanakinsa. Masu rabon gado suna buƙatar sanin cewa shagon da zai faɗo a rabon wani magaji an riga an karɓi hayarsa har Fabrairu, domin shagon da zai fara kawo kuɗi gobe da wanda sai bayan wata shida ba darajarsu ɗaya ba a wurin wanda ya karɓa.

Yadda za a gane littafi yana daidai abu ne da kowa zai iya yi, ko bai karanci akanta ba. A ƙarshen wata a ɗauki takardar kowane ɗan haya, a ƙirga abin da ya rage masa, a ninka da kuɗin wata ko na kwana. A ƙarshen Maris, mai kayan wuta wata 11 sau 150,000, wato 1,650,000. Malamin makaranta kwana 344 sau 2,000, wato 688,000. Jimla 2,338,000. Abin da ke asusun hayar da aka karɓa kafin lokaci dole ya zama wannan adadin, ba ƙari ba ragi. Idan asusun ya fi haka, an manta rubutun wani wata, ko kuɗin ajiya ya shiga ciki. Idan ya gaza, an ci wata sau biyu, ko wani ya sabunta haya an zuba kuɗinsa kai tsaye a kuɗin shiga. Idan bambancin ya yi daidai da kashi goma cikin ɗari na hayar wani, a nemi la'adar dillali ko harajin da aka riƙe. Idan kuma aka ga asusun ya zarce sifili ya koma hagu, to hayar wani ta ƙare, bai sabunta ba, ana ta cire masa rabon wata daga asusun da ya riga ya ƙare. Wannan mutumin ya tashi daga wanda yake bin Alhaji kwanaki ya koma wanda Alhaji yake bi kuɗi, sai a buɗe masa shafi a jerin masu bashin haya, a rubuta ranar da kwanakinsa suka ƙare, a aika masa da takarda.